Daga takardar farashi zuwa oda: yadda kwamfuta ke cika alƙawarin ɗan kasuwa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kayan gini a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya san yadda babban ciniki ke tafiya. Ɗan kwangila zai zo da jerin abin da yake buƙata, mai shago ya yi masa lissafi a takarda: kaya kaza, adadi kaza, farashi kaza. Wannan ita ce takardar farashi, wadda 'yan kasuwa ke kira kwateshan. Ɗan kwangila ya tafi da ita, ya zaga wasu shagunan, ya shawarci mai aikin, bayan kwana biyu ko uku ya bugo waya ya ce, "Alhaji, na amince, a haɗa mini kayan."

Daga nan ne ake shiga wurin da kuskure ya fi son ɓuya. Yaron shago zai ɗauko wancan lissafi ya sake rubuta shi a littafin oda. Mai sito zai kwafa nasa don ya san abin da zai fitar. Mai rubuta takardar biyan kuɗi shi ma ya kwafa. Jeri ɗaya ya bi ta hannu uku, kuma kowane hannu yana iya yin tuntuɓe. Manhajojin kasuwanci na zamani sun ɗauke wannan wahala da dannawa ɗaya: takardar farashin da mai saye ya amince da ita, ita ce ke rikiɗa ta zama oda, ba tare da an sake buga ko layi ɗaya ba. Abin yana da sauƙin faɗa. Amma a ƙarƙashin wannan dannawar akwai shawarwarin da ya kamata mai shago ya yanke da kansa, domin in bai yanke ba, na'ura za ta yanke masa.

Ciniki ɗaya, layi biyar

Mu ɗauki misali, da farashin da muka sa don lissafi kawai. Ɗan kwangila zai gina ajujuwa biyu, ya nemi farashi, aka ba shi takarda mai layi biyar. Siminti buhu 200, kowane buhu naira 9,500, ya kama 1,900,000. Rodi mai kaurin milimita 12 guda 150, kowane naira 8,000, ya kama 1,200,000. Tayil katan 80, kowane naira 6,500, an yi masa ragin kashi 5 cikin ɗari saboda tsohon abokin ciniki ne, sai 520,000 ta koma 494,000. Fenti bokiti 20 a kan naira 30,000, wato 600,000. Sai kuɗin dako naira 60,000. Jimilla 4,254,000. Aka ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda shi ne adadinsa a Najeriya tun daga watan Fabrairun 2020, ya kama 319,050. Abin da ɗan kwangila ya gani a ƙasan takarda shi ne naira 4,573,050, kuma an rubuta cewa farashin na kwana bakwai ne.

Yanzu a ba yaron shago ya sake bugawa da hannu, da yamma, bayan ya wuni a tsaye. Ba sai ya yi babban kuskure ba. Ya isa yatsansa ya juya 150 ya koma 105, rodi 45 ya ɓace, ba kuma wanda zai sani sai ranar da maƙeri ya ƙirga a wurin aiki. Ya isa ya manta ragin tayil, naira 27,950 ta ƙaru a kan mai saye idan aka haɗa da harajinta, a zo biya a yi ta ka-ce-na-ce. Ko ya zaɓi rodi mai milimita 10 maimakon 12, tunda sunayensu a jere suke a kwamfuta. Wannan na ƙarshen ya fi muni, domin sai mota ta kai kaya an sauke sannan a gane, a sake biyan dako a dawo da shi.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake ha'inci. Gajiya ce da gaggawa. Amma mai saye ba ya ganin gajiyar yaro. Abin da yake gani shi ne an faɗa masa magana ɗaya, an kawo masa wata.

Abin da ke faruwa idan an danna

A cikin manhaja, layin siminti ba rubutu ne kawai ba kamar na takarda. Ƙaramin kundi ne mai gurabe: lambar kayan a sito, adadi, ma'auni, farashin guda, ragi, nau'in haraji. Saboda kowane bayani yana zaune a gurbinsa, na'ura na iya ɗaukar sa ta ajiye a gurbin da ya dace a takardar oda. Haka take yi wa kan takardar ma: sunan mai saye, adireshin da za a kai kaya, sharaɗin biya, da sunan wanda ya yi cinikin.

Masu ƙera manhajoji sun bi hanya biyu. Ta farko ita ce ta Odoo, manhajar wani kamfanin ƙasar Beljiyam da Fabien Pinckaers ya fara a 2005 da sunan TinyERP. A wurinsu takardar farashi da oda abu ɗaya ne, matsayinsa kawai ke sauyawa. Idan aka danna `Confirm`, takarda mai lamba `S00042` tana nan da lambarta, sai dai ta tashi daga tayi ta koma oda tabbatacciya. Ba a kwafi komai ba, don haka ba abin da zai zube a hanya. Kamar dai yaro ne aka naɗa masa rawani: mutumin bai canza ba, muƙaminsa ne ya canza. Idan shagon yana amfani da sashen sito na manhajar, nan take za ta fitar wa mai sito takardar fitar da kaya mai lamba irin `WH/OUT/00031`.

Hanya ta biyu ita ce a haifi sabuwar takarda daga tsohuwa. Haka ERPNext ke yi, manhajar kamfanin Frappe na birnin Mumbai a Indiya. A kan takardar farashin da aka riga aka tabbatar, sai a danna `Create` a zaɓi `Sales Order`. Sabuwar takarda za ta buɗe da layukan nan biyar a cike, kowane layi yana riƙe da lambar takardar da ya fito daga cikinta, ita kuma tsohuwar ta koma matsayin `Ordered`. Manyan kamfanonin da ke amfani da SAP ta Jamus su ma haka suke yi: a buɗe `VA01`, a zaɓi `Create with Reference`, a sa lambar takardar farashi. A Business Central ta Microsoft kuwa, `Make Order` ne sunan aikin, kuma takardar farashin tana fita daga jerin tayi da zarar oda ta fito. Wanda ke son tarihinta sai ya kunna tsarin adana tsofaffin takardu tun da wuri.

Kowace hanya da ribarta. Takarda ɗaya mai sauya matsayi ba ta da wurin ɓatan layi, amma idan an yi mata gyara kafin a tabbatar, ainihin abin da aka fara nuna wa mai saye ya shafe daga fuskarta, sai an koma ga kwafin da aka tura masa. Takarda biyu kuwa suna barin shaida: ga abin da muka yi tayi, ga abin da aka saya, kowa ya gani.

Abin da ake kwafa da abin da ake sake tambaya

Nan ne zuciyar lamarin. Ba komai ne ya kamata ya tsallaka daga tayi zuwa oda yadda yake ba. Kaya da adadi da ma'auni da ragi, waɗannan alƙawari ne, a kwafe su tsaf. Amma akwai abubuwan da lokaci ke taɓawa tsakanin ranar tayi da ranar amincewa, kuma na farkonsu farashi ne.

A misalinmu, an ba da takarda ranar Litinin, ɗan kwangila ya amince ranar Alhamis. Ranar Laraba siminti ya tashi daga 9,500 zuwa 10,200, mai shago ya gyara farashin a kwamfutarsa. Bambancin naira 700 ne a buhu, a buhu 200 kuwa naira 140,000. Wane farashi oda za ta ɗauka? Idan manhajar ta kwafi na takarda, mai shago ya cika alƙawari, ya ɗauki asarar. Idan ta sake ɗauko sabon farashi, ɗan kwangila zai ga jimillar da ba ita ya amince da ita ba. Tunda an rubuta kwana bakwai, kuma kwana uku ne suka wuce, gaskiya tana tare da mai saye. Magana zarar bunu ce.

SAP ta ɗauki wannan tambaya da muhimmanci har ta ba ta haruffa. A wurin da ake tsara ƙa'idar kwafi, `VTAA`, ana zaɓar yadda za a yi da farashi: `D` na nufin a kwafa ba canji, `B` na nufin a sake lissafi gaba ɗaya, `G` kuma a bar farashi yadda yake amma a sake lissafa haraji. Wannan na ukun yana da hikima, domin farashi alƙawarin ɗan kasuwa ne, haraji kuwa dokar ranar ciniki ce. Wanda ya ba da tayi a watan Janairun 2020 da harajin kashi 5, aka amince a Fabrairu, ya tarar da kashi 7.5 yana jiransa. Ƙananan manhajoji galibi suna riƙe farashin takarda ne, sai dai akwai tarko: a wasunsu, idan ka taɓa adadin wani layi, na'ura na sake ɗauko farashinsa daga jerin farashi na yau. Ɗan kwangila ya ce a ƙara masa buhu 10, yaro ya mayar da 200 zuwa 210, sai kawai dukan layin ya koma 10,200 ba tare da kowa ya lura ba. Don haka duk layin da aka taɓa, a sake duba farashinsa da raginsa.

Garkuwar mai shago a nan ita ce wa'adi. Gurbin da ERPNext ke kira `Valid Till` ba ado ba ne. Idan ranar ta wuce, manhajar kan ƙi fitar da oda daga takardar, sai in an kunna wani zaɓi da ke ba da izinin hakan. A kasuwar da siminti da rodi ke iya sauya farashi cikin mako guda, barin wa'adin kwana 30 da manhaja ta zo da shi daidai yake da ba wa mai saye damar ya jira ya ga inda kasuwa ta nufa: in ta tashi ya zo da tsohuwar takarda, in ta sauka ya nemi sabuwa.

Abu na biyu shi ne kayan da ke sito. Takardar farashi ba ta kama kaya; tayi ne kawai. Ranar Litinin akwai tayil katan 120, aka yi tayin 80. Kafin Alhamis wani ya zo da kuɗi a hannu ya kwashi 70, saura 50. Oda za ta fito da katan 80 ɗinta lafiya lau, domin abin da aka rubuta ke nan. Sai a lokacin tabbatarwa ne manhaja ke fara neman ware kaya, kuma a nan ne za ta nuna akwai giɓin katan 30. Mai hankali yana duba wannan kafin ya ce wa mai saye "gobe za a kawo".

Na uku shi ne ranar kai kaya. Sau da yawa takardar farashi ba ta da ita, ko kuma tana cewa "kwana biyu bayan amincewa". ERPNext ba ta barin a adana oda sai an sa mata `Delivery Date`. Wannan ba sake bugawa ba ne. Sabon bayani ne da babu shi a da.

Wa ya ce an amince?

Kalmar "kai tsaye" tana da matakai. Mafi sauƙi shi ne mutum ya danna da hannunsa bayan ya ji daga mai saye. Mataki na gaba shi ne mai sayen ya danna da kansa: a Odoo ana iya tura masa mahaɗi, ya buɗe takardar a wayarsa, ya sa hannu da yatsa, oda ta tabbata ko da mai shago yana barci. Ana kuma iya sharɗanta cewa sai ya biya kuɗin duka ko wani kaso, sannan takardar ta rikiɗa.

Na ƙarshen nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shi ne kafin alƙalami. 'Yan kasuwa sun daɗe da sanin bambancin "na amince" ta fatar baki da "na amince" mai rakiyar kuɗi. Idan oda tana tabbata da sa hannu kawai, sito zai ware buhu 200 ga mutumin da wataƙila ba zai sake ɗaga waya ba, ga masu saye da kuɗi a hannu ana ce musu babu. Ga sabon abokin ciniki a ɗaura tabbatarwa da kafin alƙalami. Ga tsoho amintacce sa hannu ya wadatar.

Akwai kuma amincewar da ba ta cika ba. Ɗan kwangila ya turo saƙon murya ta WhatsApp: "Alhaji, a haɗa komai, amma fentin a bar shi tukuna sai an gama filasta." Na'ura ba ta jin wannan "amma". A tsarin takarda biyu, sai a fitar da oda a cire layin fenti kafin a adana ta. Jimilla ta koma 3,654,000, da haraji 3,928,050. Takardar farashin a ERPNext za ta nuna `Partially Ordered`, wato akwai sauran abin da ba a saya ba, kuma ranar da aka gama filasta ana iya fitar da odar fentin daga gare ta, muddin wa'adi bai ƙare ba. A tsarin takarda ɗaya kuwa, gyara ake yi kafin a tabbatar, fentin kuma a buɗe masa sabon tayi. Cire layi ba sake bugawa ba ne, layukan huɗun da suka rage ba wanda ya taɓa su.

Inda abin ke lalacewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tabbatar da takardar da ba ita ba. Ciniki ba ya ƙarewa a zama ɗaya: an ba da tayi na farko, aka yi tayayya, aka ba da na biyu mai ragi. Idan duka biyun suna buɗe a kwamfuta da sunan mutum ɗaya, yaro zai iya danna na farko. Maganinsa shi ne a soke tsohon tayi a ranar da aka fitar da sabo, kuma a saba wa masu saye su ambaci lambar takarda ko jimillarta idan za su amince.

Na biyu shi ne oda tagwaye. Intanet ta yi nauyi, aka danna, ba a ga komai ba, aka sake dannawa. Ko yaro ɗaya ya fitar da oda da safe, ɗan'uwansa ya sake fitarwa da rana bai sani ba. A tsarin takarda ɗaya wannan ba ya faruwa, tunda abin da ya riga ya tabbata ba ya sake tabbata. A tsarin takarda biyu kuwa, odar da aka buɗe aka ajiye ba a kammala ba tana iya barin tayin ya ci gaba da bayyana kamar ba a taɓa shi ba. Alamarsa ita ce oda biyu masu jimilla ɗaya, mai saye ɗaya, uwa ɗaya.

Na uku shi ne layin da aka rubuta da ka. Ana gaggawar ba da tayi, sai yaro ya buga "tayil fari babba" a gurbin bayani bai zaɓi kayan daga jerin sito ba. A ido takarda ta yi kyau. Amma layin ba shi da lambar kaya, don haka ko dai oda ta ƙi fita, ko ta fita mai sito bai ga abin da zai ɗauko ba. Ɗan'uwan wannan shi ne rikicin ma'auni. Idan sito yana ƙirga tayil da guda, ana sayarwa da katan, dole a gaya wa manhaja guda nawa ne a katan. In 12 ne, katan 80 ya zama guda 960. In ba a gaya mata ba, mai sito zai ga 80 kawai, shi da Allahnsa ko katan ne ko guda.

Duka waɗannan suna koyar da abu ɗaya. Na'ura mai kwafi ce mai amana, kuma amanarta ba ta zaɓe: yadda take tsallakar da gaskiya haka take tsallakar da kuskure. A da, yaron da ke sake bugawa wani lokacin yakan tsaya ya ce, "Alhaji, anya rodi 12 ne? Ai ginin nan ƙarami ne." Yanzu babu wannan tsayawar. Saboda haka kulawar da ake rarrabawa a hannu uku dole ta taru a wuri ɗaya, wato lokacin rubuta takardar farashi. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duba uku kafin mota ta tashi

Mai shagon da ke son ya san ko tsarinsa na aiki ba ya buƙatar ilimin kwamfuta mai zurfi. Da farko ya kwatanta jimilla: idan tayi ya ce 4,573,050, oda ta faɗi wani abu daban, dole a samu dalili mai suna, ko layin da aka cire ko adadin da aka ƙara. Sannan ya ƙirga layuka, biyar a can, biyar a nan. Daga ƙarshe ya duba ko odar tana nuna takardar da ta haife ta. Odar da ba ta da uwa, alhali an san an ba mutumin tayi, alama ce cewa wani ya koma bugawa da hannu, kuma yawanci akwai abin da ya tilasta masa: ko wa'adi ya ƙare ya zagaye shi, ko wani layi ya ƙi wucewa. Can ya kamata a bincika.

Bayan an tabbatar kuma, a kulle. Odoo tana da zaɓin `Lock Confirmed Sales` don kada a ci gaba da taɓa odar da ta riga ta tabbata; a ERPNext takardar da aka kammala tana da ƙayyadaddun hanyoyin gyara masu barin sawu. Daga wannan odar ce takardar fitar da kaya da takardar biyan kuɗi za su fito, su ma ba tare da an sake bugawa ba.

Ranar Juma'a da safe mota ta tsaya a wurin gini. Maƙeri ya ƙirga rodi, 150 cif, mai milimita 12. Ɗan kwangila ya ciro takardar ranar Litinin daga aljihu, ya ɗora ta kusa da takardar biya, ya bi layi-layi da yatsa: siminti yana nan a 9,500 duk da kasuwa ta tashi, ragin tayil yana nan, fenti babu kamar yadda ya ce. Ya ninke takardun biyu ya mayar aljihu, ya ce wa leburori su fara saukewa.